Jinin da Ya Zo Ba Lokacinsa Ba: Wanne Ake Jira, Wanne Ake Garzayawa Asibiti?

Da wuya a tashi daga darasin fiƙihu a Islamiyyar matan aure, ko a kammala shirin fatawa a gidan rediyo, ba a miƙo takarda mai irin wannan tambayar ba: mace ta yi wankan tsarki, bayan kwana biyar ko shida sai ga ɗigon jini ya dawo, shin ta ci gaba da salla ko ta dakata? Wata kuma ta rubuto cewa duk sa'ad da maigida ya kusance ta sai ta ga jini. Malam zai amsa abin da aka tambaye shi. Zai raba haila da istihala, ya faɗi hukuncin salla da azumi, mai tambaya ta samu natsuwa ta fuskar ibada. Sai dai akwai tambaya ta biyu da ba a cika kai ta ko'ina ba, kuma ba malam ne zai amsa ta ba: daga ina jinin nan yake fitowa, me kuma ya fito da shi?

Mafi yawan lokuta dalilin ƙaramin abu ne, wanda magani na mako guda ko aikin minti biyar zai kawar. Amma a cikin dalilan akwai guda biyu da ke kashe mace. Ɗaya yana iya yin haka cikin sa'o'i, ɗayan yana ɗaukar shekaru. Abin takaicin shi ne dukansu suna iya farawa da ɗigon da bai cika cokali ba, kuma babu mai iya raba su da ƙananan dalilan ta hanyar kallon launin jinin kawai.

Al'adar mace mai lafiya takan zo tsakanin kwana 21 zuwa 35, idan aka ƙirga daga ranar farko ta wannan zuwa ranar farko ta mai biye mata, kuma jinin yakan ɗauke cikin mako guda ko kusa da haka. Duk jinin da ya ɓullo a tsakanin al'ada biyu, ko bayan saduwa, ko bayan mace ta daina al'ada gaba ɗaya, shi muke magana a kai, ja ne ko ruwan ƙasa ko ruwa-ruwa mai sirkin ja. Kafin komai, ya kamata mace ta tabbatar ta gaba jinin yake fitowa. Basir yakan ɓata wando a zaci na gaba ne, haka ma jinin da ke biyo fitsari. Wani lokacin ma na mijin ne, daga wani ɗan rauni ko a cikin maniyyi. Gogawa da farar takarda ko tsabtataccen ƙyalle, wuri bayan wuri, takan warware wannan.

Tambayar farko: akwai ciki?

Duk macen da ke shekarun haihuwa kuma take saduwa da namiji, idan ta ga jini ba lokacinsa ba, gwajin ciki ne abu na farko. Ba a tsallake shi don tana shayarwa, ko don tana tsarin iyali, ko don ta ce ai ta ga al'ada watan jiya. Sau da yawa abin da ta ɗauka al'ada ce, ɗan jini ne da ya zo a kan ƙaramin ciki. Tsinken gwajin fitsari yana nan a kowane kemis, kuɗinsa kaɗan ne, kuma ya fi nuna gaskiya da fitsarin farko na asuba.

Dalilin wannan naci shi ne cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Ƙwai yakan haɗu da maniyyi a cikin wani siririn bututu da ke tsakanin ma'ajiyar ƙwai da mahaifa, sannan ya gangara mahaifa ya zauna. A kusan ciki 1 zuwa 2 cikin 100, ƙwan yakan maƙale a bututun ya fara girma a can. Bututun ba shi da wurin da zai ɗauki ciki, don haka galibi tsakanin mako 6 zuwa 10 sai ya fara tsagewa. Abin da ke fitowa ta gaba ɗan jini ne baƙi-baƙi, amma ainihin zubar tana faruwa a cikin tumbi, inda ido ba ya gani. Mace tana iya rasa lita ɗaya ko biyu na jini alhali audugar da ta sa ba ta jiƙe ba.

Alamominsa su ne ɓatan wata ko al'adar da ta zo ba kamar yadda aka saba ba, ciwon mara da ya fi ƙarfi a gefe ɗaya, jiri idan ta miƙe, zufa mai sanyi, tafin hannu da cikin ido su yi fari. Wasu sukan ji ciwo a ƙarshen kafaɗa, abin da ba wanda zai danganta da mara, amma jinin da ya taru a tumbi ne yake taɓa jijiyar da ke kai saƙo can. Wasu kuma sukan ji kamar bayan gida ya matsa su alhali babu komai. Macen da ke da waɗannan alamomi ba ta kwana a gida. Ba a jira gari ya waye, ba a jira maigida ya dawo daga tafiya, kuma asibitin da za a nufa shi ne wanda ake tiyata da ƙarin jini. Hatsarin ya fi yawa ga wadda ta taɓa yin irin wannan cikin, da wadda ta taɓa fama da ciwon sanyin da ya hau mara, da wadda ciki ya shiga alhali tana da robar mahaifa.

Ɓari ma yakan fara da ɗigo. Ba kowane jini a farkon ciki ne ke ƙarewa da ɓari ba, da yawa sukan tsaya cikin ya ci gaba lafiya, amma hoton ciki ne zai nuna inda cikin yake da halin da yake ciki. Idan kuma cikin ya yi nisa, ya haura wata biyar ko shida, aka ga jini bayan saduwa ko haka kawai babu ciwo, ana tsoron mabiyiya ce ta zauna a ƙasa ta tare bakin mahaifa. Wannan ma na ranar ne, kuma kada a bari kowa ya sa hannu ya duba ta a gida kafin a yi hoto, domin taɓawar tana iya ɓalle jinin.

Allura, ashana, ƙwaya da roba

Idan gwaji ya nuna babu ciki, abin da ya fi yawan jawo ɗigon jini a tsakanin al'ada ga matan da ke tazarar haihuwa shi ne maganin da kansa. Allurar wata uku da ashanar da ake sawa a damtse suna sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi siriri, ƙananan jijiyoyinta su riƙa fashewa jefi-jefi. Shi ya sa a wata uku zuwa shida na farko mace take ganin jini yau, ya ɗauke, ya dawo bayan kwana huɗu. Wannan ba taruwar jini ba ce, ba kuma alamar mahaifa ta lalace ba ce, kamar yadda ake yaɗawa a gidajen biki. Ga masu allura abin yakan lafa da tafiyar lokaci, har kusan rabinsu sukan daina ganin jini gaba ɗaya bayan shekara. Ashana ta fi taurin kai, wasu sukan yi ta ganin ɗigo muddin tana jikinsu. Mai shan ƙwayar kullum takan ga jini idan ta tsallake kwana ɗaya ko biyu. Robar mahaifa mai jan ƙarfe takan ƙara yawan jinin al'ada ta kuma kawo ɗigo a watannin farko. Ƙwayar gaggawa da ake sha bayan saduwa ita ma tana rikita kwanakin wannan watan.

Duk waɗannan ba na gudu ba ne, kuma a sashen tazarar haihuwa akwai magungunan da ake bayarwa na 'yan kwanaki don rage jinin ba tare da an cire abin ba. Amma akwai iyakar da ya kamata a sani. Idan mace ta yi shekara da allura ko roba lafiya lau, sannan jini ya fara sabon salo, ko ya zama yana zuwa ne bayan saduwa, ko ya taho da wari ko ciwon mara, to kada a ɗora wa maganin laifi kafin a duba. Mai tsarin iyali ma tana kamuwa da duk abin da sauran mata ke kamuwa da shi.

Akwai kuma ƙananan dalilai da ba sa buƙatar dogon bayani. Wasu mata sukan ga ɗan ɗigo na kwana ɗaya ko biyu a tsakiyar wata, lokacin da ƙwai ke fita. 'Yan mata a shekara biyu na farkon balaga da matan da suka doshi daina al'ada sukan samu rikicewar kwanaki saboda ƙwai ba ya fita kowane wata. Matsalar maƙoƙo, da ƙiba mai yawa, da magungunan tsinka jini da ake ba masu ciwon zuciya, duk suna iya taka rawa. Ƙarin mahaifa, wanda ya yawaita a matanmu, ya fi sa al'ada ta yi yawa ta daɗe, amma wanda ya tsiro ta cikin ramin mahaifar yakan kawo jini a tsakani.

Bakin mahaifa, inda maganar take

Jinin da ke zuwa bayan saduwa yana da nasa matsayi na daban, domin yana nuna akwai wurin da ke zubar da jini idan an taɓa shi. Wurin kuwa mafi yawanci bakin mahaifa ne, wato ƙarshen mahaifa da ya leƙo can ƙuryar farji. Mace ba ta iya ganinsa, kuma saman fatarsa ba ya jin zafi sosai, don haka abu yana iya tsirowa a kansa ya girma ba ta ji komai ba. Rashin ciwo a nan ba shaidar lafiya ba ne.

Abubuwa da dama ne ke sa shi zubar da jini. Na farko kumburi ne daga cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, musamman kilamidiya da gonoriya. Kilamidiya ta fi ɓoyewa, yawancin matan da ke da ita ba sa ganin wata alama, sai dai ɗan jini bayan saduwa ko ruwa mai kama da mugunya. Idan aka bar ta takan hau sama ta toshe bututun ƙwai, daga nan ne rashin haihuwa da ciki a wajen mahaifa ke samun ƙofa. Maganinta na mako guda ne, amma ba ya amfani idan matar kaɗai ta sha. Dole miji ya sha, in akwai abokiyar zama ita ma ta sha, duka a lokaci guda, a kuma ƙaurace wa shimfiɗa har a gama. Gidaje da yawa sun yi shekaru suna zagaye da cuta ɗaya saboda mutum ɗaya ya ce shi lafiyarsa ƙalau.

Na biyu shi ne lallausar fatar cikin bakin mahaifa ta leƙo waje, wurin ya yi ja. Wannan ba cuta ba ce, an fi ganin sa ga matasa da masu ciki da masu shan ƙwayar tsarin iyali, kuma galibi ba a yi masa komai sai in jinin ya dame ta. Na uku ɗan tsiro ne mai laushi da ke rataye a bakin mahaifa ko a cikin mahaifar. Mafi yawansu ba daji ba ne. Na bakin mahaifa likita yakan murɗe shi a ɗakin dubawa cikin 'yan mintoci, a aika da shi ɗakin gwaji don tabbatarwa.

Akwai wani dalilin da littattafan ƙasashen Turai ba su cika ambata ba, amma ya shafe mu: tsargiya. Mun san ta da fitsarin jini ga yara maza masu wanka a rafi, amma ƙwayayen tsutsar suna zama a bakin mahaifa da bangon farji su ma, su bar wasu tabo masu zubar da jini da an taɓa. Macen da ta tashi a garin noman rani, ko take wanki da ɗibar ruwa a dam ko kududdufi ko hanyar ruwan gona, ya kamata ta faɗa wa likita haka da bakinta, ko da ba a tambaye ta ba. Maganin firazikwantel ne, ana ba da shi gwargwadon nauyin jiki, kuma sau da yawa an yi ta ɗirka wa irin waɗannan mata maganin sanyi da ba shi da wani tasiri a kan tsutsar.

Sai rauni da bushewa. Mai shayarwa da wadda ta daina al'ada, fatar gabansu takan yi siriri ta bushe, ta tsage da ƙaramin gogayya. A nan ba zan ɓoye ra'ayina game da kayan matsi ba. Alif da kanwa da garin itatuwa da ƙulle-ƙullen da ake cusawa ba sa gyara komai, busar da fatar suke yi su ƙona ta, abin da ake ji kamar matsewa kumburi ne. Fatar da ta ƙone kuwa ta fi saurin tsagewa, ta fi saurin ɗaukar cuta. Amarya takan ga ɗan jini a daren farko, wata kuma ba ta gani ko kaɗan, duka biyun daidai ne. Amma jinin da ke zuba yana jiƙa zani bayan saduwa tsagewa ce ta ciki, ɗinki take so a daren, kuma kunya ba dalilin jinkiri ba ce.

Na ƙarshe, wanda saboda shi ne ake dagewa a duba kowa, shi ne sankarar bakin mahaifa. Ƙwayar cutar HPV ce ke jawo ta, wadda ake ɗauka ta saduwa, kuma ta yaɗu sosai har yawancin mutane sukan gamu da ita a rayuwarsu jikinsu ya kawar da ita ba su sani ba. Mace mai miji ɗaya tak tana iya kamuwa, don haka samun wannan cuta ba shaidar lalata ba ce. Idan ƙwayar ta ƙi barin jiki, takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 tana sauya fatar bakin mahaifa kafin ta zama daji, ga mai raunin garkuwar jiki kuwa shekara 5 zuwa 10 sun isa. Nau'i biyu, na 16 da na 18, su ne ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na cutar. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a shekarar 2020 mata kusan 12,000 ne suka kamu da ita a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Yawan mace-macen nan daga makara yake, domin cuta ce da ake warkewa idan an kama ta da wuri. Alamarta ta farko kuwa, ga mata da yawa, ita ce ɗan jini bayan saduwa, babu ciwo, babu rama. Ruwa mai wari, ciwon baya, kumburin ƙafa da yoyon fitsari duk daga baya suke zuwa.

Yadda ake ɓata wata takwas

A ɗauki misalin mace mai shekara 41, haihuwa bakwai, al'adarta na zuwa daidai kowane wata. Ta fara ganin ɗigon jini bayan saduwa, ba kullum ba. Ta je kemis, aka ce sanyi ne, aka haɗa mata ƙwayoyi da na matsawa. Jinin ya yi kamar ya lafa, bayan wata biyu ya dawo, aka sauya mata wasu da allurai. Da ya sake dawowa sai ta biya kuɗi aka yi mata hoton ciki, aka ce mahaifarta lafiya lau, babu ƙari. Ta koma gida da takarda a hannu hankalinta kwance.

Kuskuren yana wuri biyu. Na farko, an ba ta maganin sanyi sau biyu babu wanda ya kalli inda jinin ke fitowa. Na biyu, hoton da ake gogawa a kan mara yana nuna jikin mahaifa da ma'ajiyar ƙwai da ciki, amma ƙaramin gyambo a bakin mahaifa ba ya fitowa a cikinsa. Hoto mai kyau bai wanke bakin mahaifa ba. Ido ne kawai ke ganin sa.

Ga abin da ya kamata a yi mata tun zuwan farko. Za a tambaye ta ranar da al'adarta ta ƙarshe ta fara, yaushe jinin ya soma, sau nawa, da abin da take amfani da shi na tsarin iyali ko na matsi. Za a yi gwajin ciki, a auna yawan jininta. Sannan ta kwanta, a rufe ta da mayafi, a sa wani ɗan abin buɗewa na ƙarfe ko na roba a gaba, a haska fitila a kalli bakin mahaifa. Dubawar ba ta cin minti biyar. Akwai ɗan rashin daɗi, amma ba ciwo ba ne, kuma tana da damar neman mace ta duba ta ko wata ta tsaya tare da ita.

Idan an ga mugunya da ja, za a ɗebi ruwan a gwada a ba da maganin da ya dace. Idan tsiro ne a cire. Idan wurin ya yi kama da lafiyayye, ana iya shafa masa ruwan binega mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a jira minti ɗaya, domin fatar da ta fara sauyawa takan yi fari, ko kuma a yi gwajin HPV, ko a kankaro ƙwayoyin fatar a duba. Farin tabon da bai zama daji ba ana ƙona shi da na'ura mai zafi ko a daskarar da shi ko a yanke shi, a koma gida ranar, a ƙaurace wa saduwa kamar wata guda, kuma mahaifa tana nan, haihuwa tana nan. Idan kuwa an ga gyambo ko wani nama mai zubar da jini da an taɓa, ba a ɓata lokaci da waɗancan gwaje-gwajen. Ɗan ƙaramin yanki ake gutsirowa a kai ɗakin gwaji, shi ne ke tabbatar da daji ko ya kore shi. Jita-jitar cewa gutsirar naman ce ke sa dajin ya bazu ba ta da tushe.

A ce matar nan sakamakonta ya nuna daji ne. Idan har yanzu yana iyakar bakin mahaifa, tiyatar cire mahaifa tana warkar da mafi yawan masu irin wannan. Idan ya tsallaka zuwa naman da ke kewaye, sai an haɗa gashi da na'ura da ƙarin ruwan maganin daji na makonni, a cibiyoyin da ba su da yawa, da doguwar tafiya da layi da kuɗi masu nauyi. Watanni takwas ɗin da ta yi tsakanin kemis da ɗakin hoto suna iya zama su ne suka raba ta da mataki na farko suka kai ta na biyu.

Rigakafin ma ya zo. Tun Oktoban 2023 Najeriya ta sa allurar HPV cikin rigakafin yau da kullum ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya, kyauta. Ga manya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a fara gwajin bakin mahaifa daga shekara 30 ko da babu wata alama, mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau kuma daga shekara 25, domin hatsarinta ya ninka na sauran mata sau shida.

Bayan an daina al'ada

Macen da ta yi shekara guda cur ba ta ga al'ada ba, a shekarun da ake dainawa, ta daina ke nan. Duk jinin da ya zo bayan haka ba al'ada ba ce ta dawo, ba kuma ƙuruciya ba ce, ko da ɗigo ɗaya ne sau ɗaya. Mafi yawanci siririyar fata ce da ta bushe, amma kusan mace 1 cikin 10 masu irin wannan jinin ana samun dajin cikin mahaifa, ga kuma na bakin mahaifa da ya fi yawa a ƙasashenmu. Mai ƙiba da mai ciwon sukari da wadda ba ta taɓa haihuwa ba sun fi shiga hatsarin na cikin mahaifa. Iyayenmu mata sun fi kowa ɓoye wannan, suna jin nauyin faɗa wa ɗa ko suruka, sai a ga tsohuwa tana wanke zaninta da kanta a ɓoye. 'Yar da ta lura da haka ta tambaya cikin ladabi, ta kuma raka ta.

Wanne ne na yanzu, wanne ne na wannan makon

Na yanzu-yanzu, dare ko rana, shi ne jinin da ke jiƙa auduga ko ƙunzugu ɗaya kowace awa har awa biyu a jere, ko mai fitowa da manyan gudaji. Haka jini kowane iri, komai ƙanƙantarsa, idan ya haɗu da jiri ko suma ko bugun zuciya da sauri ko matsanancin ciwon mara. Haka jini ga mai ciki ko wadda ta yi ɓatan wata. Haka zazzaɓi da ruwa mai wari da ciwon mara, musamman bayan haihuwa ko ɓari ko sa roba, domin yana nuna ƙwayar cuta ta shiga mahaifa ko wani abu ya saura a ciki. Wadda aka yi wa fyaɗe ita ma ta isa asibiti kafin awa 72, domin a cikin wannan lokacin ne maganin kariya daga ƙanjamau yake aiki. Yarinyar da ba ta balaga ba kuwa, jini ta gabanta abin dubawa ne a ranar.

Na cikin mako ɗaya ko biyu shi ne jini bayan saduwa da ya maimaita, ko ma sau ɗaya ne idan mace ta haura shekara 35 ko ba a taɓa duba mata bakin mahaifa ba. Haka duk jini bayan daina al'ada. Haka ɗigon tsakanin al'ada da ya zo wata biyu ko uku a jere, ko sabon rikicewar jini ga wadda ta haura 45, ko jinin da aka sha masa maganin sanyi ya dawo. Wanda za a iya sa wa ido shi ne ɗan ɗigo a watannin farko na sabon tsarin iyali, ko na kwana ɗaya a tsakiyar wata ga matashiya, in dai gwajin ciki ya nuna babu, kuma babu ciwo, babu wari.

Mai tafiya asibiti ta tafi da kwanakinta a rubuce: ranar da al'ada ta fara a watanni uku na baya, ranakun da ɗigon ya zo, da ko bayan saduwa ne. Ta ɗauki kwalayen duk abin da ta sha ko ta matsa, har da na gargajiya. Ganin jini a ranar ba ya hana a duba ta, don haka kada ta ɗage tafiyar don jiran tsarki. Maigida kuma, wanda sau da yawa shi ne ke fara ganin jinin, nasa shi ne ya ba da izini da kuɗin mota a makon, ya kuma sha nasa maganin idan an rubuta masa.

'Yar'uwa, idan kin shiga ɗakin likita ki faɗi abin da ya kawo ki kai tsaye, kada ki tsaya a "marata ce ke ciwo". Ki ce kina ganin jini bayan saduwa, ko a tsakanin al'ada, tun wata kaza. Idan aka miƙo miki takardar magani ko ta hoto ba a duba ki ba, ki ce kina so a duba miki bakin mahaifa. In babu kayan dubawar a wurin, ki nemi a rubuta miki takardar zuwa babban asibiti, sashen mata.